Ko Kun Sani? Yadda Yaƙin Hitila Ya Kai Manoman Arewa Ramukan Kuza

Mai tambaya yakan ce, ina ruwan manomin Katsina ko na Zazzau da yaƙin da ake gwabzawa a can gabashin duniya? Amsa ita ce, sa'ad da Japanawa suka ci ƙasar Malaya a farkon shekarar 1942, inda ake samun kuza mai yawa, wadda Ingila ke buƙata domin gwangwanayen abincin soja da kayan yaƙi, sai hukumar Turawa ta juyo ga ma'adinan Jos, ta kuma wajabta aikin tilas, alhali kuwa ita ce ke alfahari da cewa ta hana bauta.

Ba a ƙirƙiro wata sabuwar hanya ba. Yadda haraji ke bi ta hannun En'e, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, haka aka yanka wa kowace gunduma adadin mazajen da za ta bayar, a kwashe su a kai su aikin kamar wata huɗu. Kimanin mutum 100,000 aka ɗiba kafin a soke tsarin a 1944. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato sai ya tarar da sanyin tsaunuka, ga ƙarancin hatsi, ga tsayuwa cikin ruwa da kwano a ka. Cuta ta kashe ɗaruruwa, masu gudu kuwa ba su ƙidayuwa, gonaki suka rasa masu noma.

Kuzar da aka ƙara samu, a haƙiƙa, ba ta taka kara ta karya ba.