Abin da 99.9% ke nufi a yarjejeniyar kamfanin sadarwa

Manajan sashen kwamfuta ba ya da lokacin karanta yarjejeniya mai shafi talatin. Shafi ɗaya yake so, kuma abu na farko a ciki shi ne alƙawarin kamfani cewa layi zai yi aiki, misali 99.9% a wata. Mai taƙaitawa ya mayar da wannan zuwa mintoci: wata mai kwana 30 yana da minti 43,200, don haka an yafe wa kamfani ɗaukewar minti 43 kacal. Idan 99.5% ne, sa'a 3 da minti 36 ke nan.

Sai dai a duba abin da aka cire daga lissafi. Gyaran da aka sanar tun da wuri galibi ba ya shiga, nan ne kamfanoni ke samun mafaka.

Tara kuwa ba kasafai ake biyan ta hannu da hannu ba. Ragi ake yi a kuɗin wata mai zuwa, kuma tana da iyaka. Sau da yawa sai abokin ciniki ya nema a rubuce cikin wa'adi, in ya wuce shi ke nan, ta sha ruwa. Don haka a rubuta wa manaja wa'adin, da wanda zai kai ƙorafi, da ranar da rahoton kamfani zai iso.