Kwashiyoko ko marasmos? Fara da ƙafar yaron

'Yan uwana masu shirin jarrabawar abinci da lafiyar al'umma, akwai tambayar da kusan ba ta fashi: a ba ka shekarun yaro da nauyinsa, a ce ka faɗi irin tamowar da ke damunsa. Da yawa mukan tafi kai tsaye ga lissafi. Ni shawarata, kafin ka taɓa kalkuleta, nemi kalma ɗaya a cikin tambayar, wato kumburi.

Yaro mai marasmos ya rasa abinci ne gaba ɗaya, har jiki ya cinye kitsensa da tsokarsa. Za ka ga haƙarƙari a waje, fatar ɗuwawu ta yi sako-sako kamar wandon da ya yi masa yawa, fuska kamar ta tsoho, amma sau da yawa yana son ci. Mai kwashiyoko kuwa ƙafafunsa biyu a kumbure suke, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, ga ƙin abinci da yawan ƙunci. Dakta Cicely Williams ce ta bayyana ciwon a 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Gana, sunan kuma daga harshen Ga yake, ana nufin ciwon yaron da aka yaye don an samu ƙaninsa. Hoton ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu na Baure ko Sandamu: a yaye yaro, a kai shi wajen kaka, ya koma kunun gero tsagwaronsa, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo. Littattafanmu sukan ce ƙarancin furotin ne sanadi. Rubuta hakan, amma ka ƙara da cututtuka irin su ƙyanda da gudawa, don masana sun nuna furotin kaɗai bai bayyana komai ba.

Ga misali irin na jarrabawa. Yarinya 'yar shekara 2 daga Mai'aduwa, nauyinta kilo 8.4, kaurin damtsenta santimita 12.0, ƙafafunta biyu a kumbure. Ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 6, nauyin da ake tsammani shi ne shekaru sau 2, a tara da 8. Nata ke nan kilo 12. Raba 8.4 da 12, ka ninka da 100, ka samu kashi 70.

To, a nan ne ake zubar da maki, domin amsar ta danganta da tsarin da aka ce ka bi. Tsarin Gomez na 1956 nauyi kawai yake dubawa: kashi 75 zuwa 89 mataki na ɗaya, 60 zuwa 74 na biyu, ƙasa da 60 na uku. A wajensa yarinyar tana mataki na biyu, shi ke nan. Tsarin Wellcome na 1970 shi ya haɗa nauyi da kumburi. Tsakanin kashi 60 da 80, in akwai kumburi kwashiyoko ne, in babu ƙarancin nauyi ne kawai. Ƙasa da 60, in babu kumburi marasmos ne, in akwai to ciwon biyu sun haɗu. Yarinyarmu kwashiyoko gare ta. Da nauyinta kilo 6.6 ne, wato kashi 55, da sai mu ce marasmos haɗe da kwashiyoko.

Sai tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake aiki da shi a cibiyoyin tamowa, ga yara 'yan wata 6 zuwa 59. Damtse ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya. Damtsen yarinyar 12.0 ne, a kan ruwan ɗorawa a jikin ma'aunin, don haka hannu zai yi ƙaiƙayin rubuta "matsakaiciya". Kul! Kumburin ƙafa biyu shi kaɗai ya isa a ce mai tsanani ce, ko me damtse ya nuna. Nauyin ma kansa yaudara ne, tunda wani ɓangarensa ruwa ne, shi ya sa uwa kan ga kamar ɗanta ya yi ƙiba.

In an tambayi yadda ake gwajin, ka danna saman ƙafafun biyu da manyan yatsunka na daƙiƙa 3. In rami ya zauna a duka biyun bayan ka ɗaga, kumburin tamowa ne. Na ƙafa ɗaya a nemi wani dalili. Ƙafa kaɗai +, in ya hau ƙwauri da hannuwa ++, in ya game jiki har fuska +++. Mai +++ kwanciya asibiti zai yi, haka ma wanda ya kasa cin madarar gyaɗar nan ta tamowa da aka gwada shi da ita, ba a sallame shi gida da ƙunshi ba.