Kati Biyu, Yaro Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Jadawalin Rigakafi

Yarinya ce aka haifa ranar 3 ga Maris a wani asibiti a Kano, aka yi mata allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, aka ɗiga mata maganin shan inna. Uwar ta tafi wankan jego ƙauyensu, katin ya yi saura a birni, sai asibitin can ya ba ta sabo. Yanzu ga kati biyu, kowanne da rabin labari.

Abin yi shi ne a samu takarda ɗaya a ja mata layuka huɗu daga sama zuwa ƙasa: sunan rigakafin, ranar da ya kamata a yi, ranar da aka yi, da abin da ya rage. Ranakun layi na biyu daga ranar haihuwa ake ƙirga su. A tsarin Nijeriya ana zuwa a mako 6, da 10, da 14, sannan wata 9 da wata 15. Layi na uku kuwa, abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta da kwanan wata kaɗai ke shiga. "Ina jin an yi mata" ba ta da gurbi.

Ɗauki allurar cinya mai kare cututtuka 5, wadda ake rubutawa Penta a kati:

| Rigakafi | Ranar da ta dace | An yi | Saura |
|---|---|---|---|
| Penta 1 | 14 ga Afrilu | 14 ga Afrilu | |
| Penta 2 | 12 ga Mayu | 2 ga Yuni | |
| Penta 3 | 9 ga Yuni | | 30 ga Yuni |

A layin ƙarshe mutane ke tuntuɓe. Lissafin haihuwa ya ce 9 ga Yuni, amma ta biyu ta makara da mako 3, kuma wajibi ne a bar aƙalla mako 4 tsakanin allura da mai bi mata. Shi ya sa ranar ta koma 30 ga Yuni. Makara ba ta rushe abin da aka riga aka yi. Ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Jinkirin kuma bai taɓa allurar ƙyanda da ta shawara ba, suna nan ranar 3 ga Disamba, domin su da watannin yarinyar ake auna su.

Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida, a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, ƙari ne, ba ya cike gurbin na asibiti. A rubuta shi a gefe in ana so. Haka kuma a kula da ranar dawowa da ma'aikata kan rubuta a kati, kada a ɗauka ranar da aka yi allura ce. Da gani dai kwanan wata ne, shi ya sa take ruɗin mutane.

In wani gurbi ya zama babu shaida, a bar shi fili, a kai takardar tare da katunan biyu asibitin da aka yi allurar, su duba rajistarsu.