Motar ce ke shan mai, ko direban?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da janye tallafin fetur a Najeriya, gardamar mai mota da direba ta ƙara zafi. Mai mota na ganin ana zuƙe masa tanki, direba kuma na rantsuwa cewa motar ce ta tsufa. Abin da ke raba wannan gardama littafi ne na 'yan makaranta, wanda za a riƙa rubuta abu shida a ciki duk sanda aka sha mai: kwanan wata, sunan direba, inda aka je, lambar kilomita da ke jikin mitar mota, yawan lita, da kuɗin da aka biya.

Sharaɗin farko shi ne a cika tanki. Allurar da ke nuna mai ba abin dogaro ba ce wajen lissafi, domin “rabin tanki” a wurinta na iya zama lita talatin ko arba'in. Sai a cika har famfo ya katse da kansa, a rubuta lambar mita. Idan an dawo daga tafiya a sake cikawa, zai fi kyau a gidan mai ɗaya, a sake rubuta lambar. Man da tankin ya karɓa a karo na biyu, haɗe da duk wanda aka ƙara a hanya, shi ne wanda tafiyar ta cinye.

Mu ɗauki bas mai jigila tsakanin Kano da Kaduna, zuwa da dawowa wajen kilomita 460. A ce da safe mita tana kan 184,200, da dare ta koma 184,660, tanki kuma ya karɓi lita 57.5 kafin ya cika. Idan aka raba 460 da 57.5 za a samu 8, wato kowace lita ta kai motar kilomita takwas. In mun ƙaddara lita ɗaya naira 900 ce, man wannan sawu ya tashi naira 51,750. A lura, wannan ne kuɗin sawun, ko da direban man dubu talatin kawai ya saya a hanya, sauran ya taras a tanki. A nan lissafin masu motoci da yawa ke karkacewa, don suna rubuta abin da aka saya a maimakon abin da aka ƙona.

Washegari wani direban ya ɗauki motar, hanya ɗaya, sai tanki ya karɓi lita 66. Lita ɗaya ta koma kilomita bakwai ke nan, an samu ƙarin lita takwas da rabi, naira 7,650. Sawu ɗaya dai bai isa a tuhumi kowa ba. Wataƙila ya faɗa cunkoso a Kwanar Dangora, ko an yi masa lodin buhuna a but, ko ya ƙara mai wajen 'yan bumburutu, waɗanda galan ɗinsu ba kullum yake cika ba. A tara sawu biyar ko shida na kowane direba a kan mota ɗaya da hanya ɗaya, a haɗa kilomitocin duka a raba da jimillar litocin. A ganina, sai bambanci ya haura kashi goma cikin ɗari kuma ya ƙi sauka ne ya cancanci bincike.

Binciken ma ba da zargi ake fara shi ba. A musanya direbobin na sati biyu. In yawan shan ya tsaya a jikin motar ko wa ya tuƙa ta, aikin makanike ne: a duba iskar taya, filogi, birkin da ke kamawa, da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri. In kuwa ya bi mutumin zuwa ɗaya motar, to hannunsa ne. Ko a nan ma ba lalle sata ba ce. Akwai mai take totur kamar ana korarsa, akwai mai barin inji a kunne a tasha yana jiran fasinja. Irin wannan yakan nuna shan mai da yawa amma daidai wa daida a kowane sawu. Mai zuƙa da mesa ko mai kawo rasit na ƙarya, lissafinsa tsalle yake yi: yau takwas, gobe biyar da rabi, jibi takwas. Wani lokaci ma sai ka ga rasit na lita tamanin a motar da tankinta saba'in yake ɗauka.

Saura matsalar mitar da ta mutu, wadda ta zama ruwan dare a tsofaffin motocin haya. Idan hanya ɗaya motar ke bi kullum, a auna nisan sau ɗaya da taswirar waya ko da wata mota mai lafiya, a riƙa amfani da shi. Sai dai wannan dabara ba za ta kama direban da ya ratse ya yi nasa sawun a ɓoye ba, shi ya sa gyaran mitar ya fi araha.