Layin da ke Tona Asirin Bidiyo: Yadda Ake Gano Daƙiƙar da Masu Kallo Suka Fara Watsewa

Mai ɗora bidiyo a YouTube yakan fara duba yawan waɗanda suka kalla, sai ya yi murna ko ya ɓata rai. Amma wannan adadi ba ya faɗa masa ko mutanen sun zauna har ƙarshe, ko kuwa leƙowa kawai suka yi suka wuce. Abin da ke faɗin haka wani jadawali ne mai layi ɗaya, wanda ke nuna yawan masu kallon da suka rage a kowace daƙiƙa ta bidiyon.

Hanyar zuwa wurinsa ba wuya. A shiga YouTube Studio, a danna Content, a zaɓi bidiyon, a shiga Analytics, sannan a buɗe Engagement. A nan za a ga sashen da aka rubuta wa Key moments for audience retention. Yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu bayan ɗora bidiyo kafin bayanan su fito, kuma ba a alamta muhimman wurare sai bidiyon ya kai tsawon daƙiƙa 60 ya kuma sami kallo aƙalla 100. Ana iya gani a waya, amma kwamfuta ta fi daɗin aiki, domin bidiyon na nan tare da jadawalin, mutum na kallo yana ganin inda ya kai a kan layin.

Daga hagu zuwa dama, jadawalin yana bin tsawon bidiyon ne, daga farko zuwa ƙarshe. Daga ƙasa zuwa sama kuma kason masu kallo ne cikin ɗari. Kusan kowane bidiyo layinsa gangarowa yake yi, don haka gangara ita kaɗai ba laifi ba ce. Abin nema shi ne wurin da gangarar ta sauya salo, wato inda layin da ke sauka a hankali ya karye ya zube.

Mu ɗauki misali. A ce wata mai koyar da girki ta ɗora bidiyo na minti 8 a kan yadda ake dambun nama, an kalle shi sau 2,000. A daƙiƙa ta 30 layin ya sauko zuwa kashi 68. Wannan shi ne adadin da YouTube ke nunawa ƙarƙashin Intro, kuma zubewar farko irin wannan kowa na samunta, domin akwai waɗanda suka danna bisa kuskure da waɗanda suka ga ba abin da suke nema ba ne. Daga nan layin ya tafi a natse: a 2:00 yana kan kashi 60, a 2:10 yana kan 59. Sai kwatsam a 2:40 ya koma 44, kuma bai sake tasowa ba.

A nan ne lissafi ke da amfani. Daga 0:30 zuwa 2:00, cikin daƙiƙa 90, ta rasa kashi 8, wato kallo 160. Daga 2:10 zuwa 2:40 kuwa, cikin daƙiƙa 30 kacal, ta rasa kashi 15, wato kallo 300. Ɓarnar ma ta fi haka idan aka auna ta da waɗanda ke nan a lokacin. A 2:10 saura 1,180 ne, kuma 300 cikin 1,180 ya ɗan haura rubu'i. Ke nan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi haƙuri har minti biyu ya tashi a wannan ɗan taƙin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ido ƙasan ramin, a 2:40, a ga tana tafasa nama, a ce ai tafasar ce ta gundure su. Ƙasan rami wurin da ficewar ta tsaya ne. Wurin da ta fara shi ne gwiwar layin, a 2:10. Kuma mai kallo ba ya fita a daidai lokacin da abu ya dame shi, yakan ɗan saurara tukuna kafin yatsa ya motsa. Saboda haka sai a koma baya da daƙiƙa biyar zuwa goma, a kunna daga 2:00, a kalla kamar baƙo. A misalinmu, a 2:04 ne ta ajiye wuƙa ta fuskanci kyamara ta ce kafin a ci gaba tana so ta gaida masoyanta, ta roƙi a bi tasharta, ta kuma tallata yajin da take sayarwa. Mutanen dambu suka zo koyo, aka tsayar da dambun, su kuma suka kama gabansu.

Ba kowane rami ke nufin an fita ba. A ce a 5:00 layin ya faɗo daga kashi 38 zuwa 30, amma a 5:40 ya dawo 37. Waɗannan ba su tafi ba, tsallakewa suka yi, wataƙila don ta bar kyamara tana ɗaukar dakan nama a turmi ba tare da ta ce komai ba. YouTube na iya sa wa iri biyun nan suna ɗaya, Dips, don haka mai bidiyo ne zai bambance da idonsa: ramin da layi ya fito daga cikinsa tsallake ne, maganinsa a gajarta wurin, wanda kuma layi ya zauna a ƙasa bayansa ficewa ce, maganinsa a cire abin ko a kai shi can ƙarshe.

Haka tudu ma yana da fuska biyu. Idan layin ya ɗaga a 6:20, inda take faɗin ma'aunin citta da barkono, alama ce ana mayar da wurin baya. Ko dai ya yi daɗi, ko kuma ta yi sauri ba a ji ba. Sake kallo ne ma ke sa wani lokaci layin ya zarce kashi 100.

Sai a yi hattara da abubuwa biyu. Na farko, idan kallon kaɗan ne, layin yakan yi ta tsalle-tsalle. A bidiyo mai kallo 150, mutum uku kawai sun isa su motsa shi da kashi 2, don haka kada a yanke hukunci a kan ƙaramin rami. Na biyu, jadawalin bai san dalilin fita ba. Wanda datarsa ta ƙare da wanda sabis ya yanke masa duk a cikin masu tafiya ake lissafa su. Sai dai irin waɗannan a warwatse suke cikin bidiyon, ba za su taru su fita a daƙiƙa ɗaya ba. Duk inda aka ga ɗaruruwa sun tashi lokaci guda, dalilin na cikin bidiyon.

Hanyar tabbatarwa ita ce gwaji. YouTube na kwatanta layin da na bidiyoyin mutum 10 na baya-bayan nan masu kusan tsawo ɗaya, kuma mai girkinmu za ta iya buɗe uku ko huɗu ta duba ko layin na karyewa duk inda ta tsaya gaisuwa da talla. In haka ne, a bidiyo na gaba sai ta sauya wannan abu shi kaɗai: ta kai tallan ƙarshe, ta bar komai yadda yake. Idan ta sauya abu biyar lokaci guda, ko layin ya gyaru ba za ta san wanne ya yi aiki ba. Bayan kwana biyu ta dawo ta duba wajen minti na biyu. In gwiwar ta ɓace, ta gano ciwon, in kuma tana nan, sai ta sake komawa baya da daƙiƙa goma ta nemi wani dalilin.