Hayaƙi ba ya nuna hanyar da iska ta bi

A unguwar da ke da gidan burodi, kowa ya san bututun hayaƙinsa. Da yamma za ka ga hayaƙin ya fito ya miƙe, can gaba kuma ya lanƙwashe. Wanda duk ya kalli lanƙwasar nan zai ce ai ga hanyar da iska ke bi. Sau da yawa ba haka ba ne. Yana yiwuwa babu ƙwayar hayaƙi ko ɗaya da ta bi ta wannan lanƙwasa, kuma iskar da ke kaɗawa a lokacin miƙaƙƙiya ce sambal.

Masana motsin ruwa da iska suna da layi uku da suke kwatanta gudana da su. Na farko zan kira shi layin alƙibla, wanda ɗaliban injiniya suka sani da sitirimlayin. A ce an tsayar da lokaci cak, aka kafa ƙaramar kibiya a kowane wuri tana nuna inda iska ta dosa a wannan ƙiftawar ido. Layin da ya bi kibiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya shi ne layin alƙibla, kuma bai san abin da ya faru ko daƙiƙa ɗaya da ta wuce ba. Na biyu layin sawu, wato faslayin: a zaɓi ƙwaya guda, a bi ta tun daga inda ta taso, a zana duk inda ta ratsa, kamar yadda mai bin sawu ke bin kofaton saniyar da ta ɓata. Na uku layin jere, wato sitiriklayin: duk ƙwayoyin da suka taɓa fitowa ta ƙofa ɗaya, a haɗa wuraren da suke tsaye yanzu. Hayaƙin bututun nan layin jere ne.

Idan iska na kaɗawa da ƙarfi ɗaya, ta fuska ɗaya, ba ta sauyawa a kowane wuri, layukan uku suna kwanciya a kan juna, ba mai iya raba su. Shi ya sa mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Rigimar tana tasowa ne idan gudanar ta sauya da lokaci.

Bari mu yi lissafi da bututun nan, muna kallonsa daga sama kamar shaho, don kada tashin hayaƙi mai zafi ya dame mu. A ce iska na tafiya gabas, mita 2 a kowace daƙiƙa, har daƙiƙa 10. Sai ta juya farat ɗaya, irin juyin da take yi idan hadari ya taso, ta nufi arewa da wannan saurin na wasu daƙiƙa 10. A daƙiƙa ta 20 muka tsaya duba layukan.

Layin alƙibla ba shi da wahala. Iska ko'ina arewa ta dosa, don haka layuka ne miƙaƙƙu daga kudu zuwa arewa. Ko alamar gabas babu a cikinsu.

Layin sawu kuwa, ɗauki ƙwayar da ta fito tun farko. Ta yi mita 20 gabas, iska ta juya, ta yi mita 20 arewa. Sawunta ya fara da gabas, ya karya kwana zuwa arewa.

Yanzu hayaƙin da ido ke gani. Ƙwayar da ta fito a daƙiƙa ta 15, iskar arewa kaɗai ta sani, tana mita 10 arewa da bututu. Wadda ta fito a daƙiƙa ta 10, daidai lokacin juyi, tana mita 20 arewa. Wadda ta fito a daƙiƙa ta 5 ta samu tafiyar gabas ta daƙiƙa 5 kacal, wato mita 10, sannan aka kwashe ta mita 20 arewa. Ta farkon nan kuma mun san inda take: mita 20 gabas, mita 20 arewa. Haɗa su ka gani. Hayaƙin ya tashi daga bututu ya yi arewa mita 20, sannan ya karya kwana zuwa gabas mita 20. Sawu ya ce gabas sannan arewa, hayaƙi ya ce arewa sannan gabas. Su biyun sun tashi daga wuri ɗaya sun haɗu a wuri ɗaya, amma kowa ya zagaye filin ta nasa ɓangaren. Reshen nan da ya yi gabas, wanda mai kallo zai rantse hayaƙi na gudu a cikinsa, ɗungurungum ake turo shi arewa a kaikaice, kamar sahun masallata da aka ce su matsa gaba.

Wannan, a ganina, shi ne kuskuren da ya fi kama mutane, domin layin jere ne ya fi sauƙin samarwa, ido kuma ya fi yarda da shi. Da shi Osborne Reynolds ya yi aikinsa a Manchester a 1883: ya riƙa sakin siririn rini cikin ruwan da ke bin bututun gilashi, ya ga rinin na miƙewa kamar zare idan gudun a hankali ne, ya watse idan gudun ya ƙaru. Don gane ko gudana ta hargitse, rini ya wadatar. Amma karanta siffar rinin a ce ita ce siffar gudanar, nan ake zamewa. A 1962 Francis Hama ya nuna da lissafi cewa layin jere na iya nannaɗewa kamar akwai guguwa, alhali ɗan kaɗawa ne kawai a cikin gudanar. A 1988 kuma Cimbala da Nagib da Roshko sun saki hayaƙi a bayan wani sanda a cikin ramin gwajin iska. Da suka sake shi kusa da sandan, sai ya nuna jerin ƙananan guguwoyi har can nesa. Da suka matsar da wurin sakin zuwa can nesan, sai ga shi guguwoyin tuni sun mutu. Hayaƙin farko siffar da aka yi masa tun baya yake ɗauke da ita.

To in an miƙo maka hoto, ta yaya za ka san wanne kake kallo? Tambayi yadda aka ɗauke shi. In rini ko hayaƙi ake ta saki daga wuri ɗaya aka ɗauki hoton nan take, jere ne. In ƙwaya ɗaya ce mai haske aka bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci, kamar tartsatsin wutar mai tsire da dare, sawu ne, sai dai a tuna tartsatsi yana da nauyi, ba ya bin iska sau da ƙafa. Layin alƙibla shi ne mai wuyar kamawa. Sai an barbaɗa gari mai sauƙi ko'ina a kan ruwan, a buɗe kyamara na ɗan mitsitsin lokaci, kowace ƙwaya ta bar gajeren zane, sannan a haɗa zanukan da hannu ko da kwamfuta.

Akwai wata alama kuma. Layukan alƙibla biyu ba sa ƙetare juna, domin iska ba ta dosar wuri biyu daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Sawu kuwa yana iya ƙetare na wani, har ma nasa na baya, tunda ƙwayar da ta ratsa wuri yanzu ba ta hana wata ratsa shi an jima ta wata fuskar. In kuma kana so ka san ko gudanar ma na sauyawa, ɗauki hoton hayaƙin sau biyu, da tazarar 'yan daƙiƙoƙi. A lissafinmu, da ka sake ɗauka a daƙiƙa ta 25, kwanar da ke mita 20 arewa da bututu za ka tarar ta koma mita 30.