Gwada takardun farashi ukku da jadawalin maki: misalin sayen hatsin rumbun tsimi a ƙasar Tasawa

1. Gabatarwa

Rumbunan tsimi sun yaɗu a ƙauyukan jihar Maradi bayan farin 1973 da na 1984, kuma sun ƙara yawa bayan ƙarancin cimaka na 2005. Aikinsu shi ne sayen hatsi da kaka, lokacin da yake araha, a ajiye shi har damina a sayar wa talakawa da rangwame. Idan kuɗin na ƙungiya ne ko na masu ba da tallafi, akan buƙaci kwamiti ya nemo takardun farashi ukku kafin ya saya. A wannan takarda za mu nuna yadda ake gwada su da jadawalin maki, mu kuma nuna inda jadawalin kan ruɗi masu aiki da shi. Alƙaluman duka na misali ne, mun tsara su don bayani.

2. Daidaita takardun

Mu ɗauka cewa wata tarayyar rumbuna a Tasawa tana son buhu 200 na hatsi. Buhu cikakke kilo 100 ne, watau tiya 40. Ga abin da ya zo mata:

Na farko, wani ɗan kasuwa a Maradi ya ce sefa 20.000 kowane buhu, amma a mangazarsa za a ɗauka. Na biyu, wani ɗan kasuwa a Tasawa ya ce sefa 22.500, shi zai kawo har ƙofa. Na ukku, wata ƙungiyar manoma a ƙasar Mayahi ta ce sefa 19.000, a gidansu, kuma buhunsu tiya 36 ne.

Wanda ya dubi takardun haka nan zai ce na Mayahi ya fi araha. Amma farashin nan ukku ba abu ɗaya suke aunawa ba, don haka sai a mai da su kan ma'auni guda: kuɗin tiya 40 a ƙofar rumbu. Tsakanin Maradi da Tasawa wajen kilomita 120 ne. Idan mota da ƴan dako sun ci 1.500 a buhu, na Maradi ya koma 21.500. Na Tasawa yana nan a 22.500. Na Mayahi kuwa, da kuɗin mota 800 ya zama 19.800, amma na tiya 36. Idan aka cika shi tiya 40 ya kai 22.000. Ashe na Maradi ne mafi araha. Kwamitin da ya tsallake wannan mataki, duk lissafin da ya biyo baya ya ɓaci.

3. Sharuɗɗa da nauyinsu

Kafin a buɗe ko takarda ɗaya, kwamiti ya rubuta abubuwan da zai duba, da nauyin kowane cikin ɗari, kowa ya sa hannu. A misalinmu farashi ya samu 50, kyan hatsi 30, lokacin kawowa 20.

Kowane sharaɗi kuma yana buƙatar matakan maki rubutattu, don kada maki ya zama ra'ayin mai bayarwa. Game da kyan hatsi, ana ɗibar samfuri daga buhuna da dama a tankaɗe, a auna yashi da ƙaiƙayi: ƙasa da kashi 2 cikin ɗari maki 10, daga 2 zuwa 4 maki 7, sama da 4 zuwa 6 maki 4. Hatsin da ya wuce kashi 6, ko mai danshi, ko mai ƙwari, ba ya shiga jadawali ko kaɗan, domin araha ba ta gyara hatsin da zai ruɓe kafin bazara. Game da lokaci, kawowa cikin mako ɗaya maki 10, cikin mako biyu 7, cikin mako ukku 4. Makin farashi kuwa ana samun shi ta raba farashi mafi ƙanƙanta da farashin mai takarda, a ninka da 10.

4. Jadawalin

Da aka tankaɗe, hatsin Maradi ya ba da datti kashi 5, na Tasawa 1,5, na Mayahi 3. Kwanakin kawowa kuma 5 ne, da 12, da 20. Ana ninka kowane maki da nauyinsa, sannan a tara.

| Sharaɗi | Nauyi | Maradi | Tasawa | Mayahi |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | 50 | 10 | 9,6 | 9,8 |
| Kyan hatsi | 30 | 4 | 10 | 7 |
| Lokaci | 20 | 10 | 7 | 4 |
| Jimla cikin 1.000 | | 820 | 920 | 780 |

Ɗan kasuwar Tasawa ne ya ci, ko da yake shi ne mafi tsada. A kan buhu 200, tarayyar za ta biya jika 200 fiye da abin da za ta biya na Maradi.

5. Inda jadawali ke ruɗarwa

A nan ne ya kamata mu dakata. Kwamiti ya ba farashi rabin nauyi, amma farashi bai yanke komai ba. Tazarar makin farashi tsakanin Maradi da Tasawa 0,4 ce kawai, watau maki 20 a jimla, alhali tazarar kyan hatsi ta kai maki 180. Abin da ke raba gardama a jadawali shi ne nauyi haɗe da faɗin tazarar maki. Nauyi shi kaɗai ba ya isa.

Akwai wata hanyar ba farashi maki da wasu ke bi: mafi araha ya samu 10, mafi tsada sifiri, na tsakiya gwargwadon matsayinsa. Da ita, Maradi na da 820, Mayahi 540, Tasawa 440. Takardun ba su canza ba, nauyi bai canza ba, amma na ɗaya ya koma na ƙarshe. Wannan hanya tana kumbura bambancin jika guda har ya zama kamar ninki. Haka kuma, ko da hanyar farko, idan aka mai da nauyi 70, 10 da 20, Maradi zai samu 940, Tasawa 912. Saboda haka duk wanda aka bari ya zaɓi nauyi ko hanyar lissafi bayan ya ga takardu, an bar masa zaɓen mai ci. Alamun hakan su ne takardar sharuɗɗa marar kwanan wata, ko sharaɗin da mutum ɗaya kaɗai zai iya cikawa.

Hanyar binciken sakamako ita ce mai da kyan hatsi kuɗi. Buhun Maradi na ɗauke da kilo 95 na tsantsar hatsi, don haka kilo 100 tsantsa ya tashi kusan 22.630. Na Mayahi kusan 22.680 ne, na Tasawa kusan 22.840. Wannan ya nuna cewa tazarar gaskiya tsakanin Maradi da Tasawa wajen sefa 210 ce a buhu, ba 1.000 ba, kuma ratar maki 100 da jadawali ya nuna ta fi abin da ke ƙasa girma. Zaɓen Tasawa yana iya tsayawa idan aikin tankaɗe buhu 200 da sake ɗinke su ya fi sefa 210 a buhu, kuma wannan dalili ne ya kamata a rubuta cikin rahoton zama.

6. Iyakar amfani da shi

Jadawalin maki ya dace da ƙungiyoyi masu tsara ƙa'idojin sayensu da kansu. Sayayyar gwamnati da ta kananan hukumomi tana da nata tsari. Ƙa'idar da ƙungiyar UEMOA ta fitar a watan Disamba na 2005 ta tanadi a ba da kwangilar kaya ga tayin da ya cika sharuɗɗa kuma ya fi araha bayan kimantawa, tare da mai da sauran sharuɗɗa kuɗi, kamar yadda muka yi da dattin hatsi. Auna maki na ƙwarewa da na farashi an fi saninsa a aikin masu ba da shawara da nazari. Kwamitin rumbu da ke aiki da kuɗin tallafi sai ya fara duba yarjejeniyar da ya sa wa hannu, ya ga wace hanya ta wajaba a kansa, kafin ya zana jadawali.